Kwana casa'in a takarda ɗaya

Mafi yawan kwamitocin gudanarwa sau ɗaya suke zama a wata uku. Saboda haka idan suka ce wa mai neman kujerar darakta ya kawo tsarin kwana 90 na farko, abin da suke son ji shi ne: me za ka ajiye a gabanmu ranar da za mu sake zama?

Da wannan fahimtar na shiga ganawar neman aiki a wata ƙungiya mai ɗaukar nauyin karatun marayu a Kano. Mutum bakwai ne a teburin, aka ba ni minti 15. Kafin ranar na roƙi rahoton mai binciken kuɗi na bara, na ga cewa cikin kowace naira goma da ke shigowa, bakwai daga mai tallafi guda take, yarjejeniyarsa kuma saura wata takwas ta ƙare. A kan wannan na ɗora komai, a takarda ɗaya.

Na ce a watan farko ba zan kori kowa ba, ba zan ɗauki kowa ba. Zan zauna da akanta mu gwada takardun banki na wata shida da littafin ƙungiya, in kuma gana da ma'aikata 14 ɗaya bayan ɗaya. A wata na biyu zan kai wa mai tallafin rahoton da yake bin mu, domin ba a roƙon sabon kuɗi da tsohon bashi a wuya. A na uku zan kawo wa kwamiti kasafi iri biyu: ɗaya idan an sabunta, ɗaya idan an ƙi, da sunan abin da za a fara ragewa.

Shugaban kwamitin ya sauke tabarau ya ce, "Malama, ban ji sabon abu ba." Na ce, "Ranka ya daɗe, sabon shiri kuɗi yake ci, kuma ku ke amincewa da kuɗi. Ba zan yi alkawari da aljihun da ban leƙa ba tukuna." Ma'aji ya ɗauki biro, daga nan tambayoyin suka koma kan wa zai sa hannu a cek da nawa darakta zai iya kashewa ba tare da izini ba. A ganina wannan ce alamar tsari ya shiga: sun fara yi maka tambayar wanda ya riga ya kama aiki.

Wuri mafi santsi shi ne maganar tsohon darakta. Rahoton da ya makara laifinsa ne, kowa ya sani, amma waɗanda suka naɗa shi, suka kuma sa hannu a kasafinsa, su ne ke kallona. Sai na ambaci ranar da ya kamata a miƙa rahoton da ranar da zan miƙa shi, ban kama sunan kowa ba.