Darasin Ƙarfe Biyu a Watan Azumi

A makon farko na azumin ikilisiya mun bar darasin Helenanci a ƙarfe biyu na rana, inda yake kullum. Ɗalibi yakan karanta aya ɗaya sau uku bai kama komai ba, mu malamai ma haka. Rabin ajin suka faɗi gwajin Jumma'a.

Sai muka mayar da shi ƙarfe bakwai, bayan addu'ar safe, domin abincin daren jiya yakan riƙe mu har wajen sha ɗaya. Da rana sai kwafar rubutu kawai. Mun sa rai da karatun dare, amma tuwon buɗa baki na ƙarfe shida barci yake kawowa. Yanzu kunu muke fara sha, tuwo sai mun rufe littafi.