Zagaye biyu a zango guda: yadda malama ke bincike a ajinta

Aji mai yara hamsin da huɗu yana iya karanta shafi guda da murya ɗaya, har na waje ya ji daɗin sautin, alhali kashi ɗaya cikin uku na yaran ba su san inda kalma ta fara da inda ta ƙare ba. Kunnen yaro ya fi idonsa saurin ɗauka, kuma mu mutane ne da suka saba da hadda tun muna ƙanana. Saboda haka amsa-amon aji ba ya gaya wa malama ko yara suna karatu. Ina koyar da aji uku na firamare, kuma abin da nake son bayyanawa a nan shi ne hanyar da na bi cikin zango guda don in san abin da ke faruwa a ƙarƙashin wannan amo. Masana suna kiranta bincike cikin aiki, wato mai aikin da kansa ya binciki aikinsa yana cikin yin sa.

Asalin hanyar ba daga makaranta ba ne. Kurt Lewin, masanin halayyar jama'a da ya yi ƙaura daga Jamus zuwa Amurka, shi ya bayyana ta a 1946 a matsayin matakai masu zagayawa: a tsara, a aikata, a binciki abin da aikin ya haifar. Stephen Corey ya shigo da ita harkar makarantu a littafinsa na 1953, sannan Stephen Kemmis da Robin McTaggart na jami'ar Deakin a Ostareliya suka yaɗa siffar da aka fi sani a yau, mai matakai huɗu: tsarawa, aiwatarwa, lura, da waiwaye. Abin da ya sa ake cewa zagaye shi ne, waiwayen ƙarshe yakan haifi sabuwar tambaya, ita kuma ta buɗe zagaye na gaba.

Kafin a tsara komai sai an san inda ake. Na rubuta ɗan labari mai kalma sittin wanda babu yaron da ya taɓa gani, na buga kofe biyu: ɗaya a hannun yaro, ɗaya a hannun mai auna. Yaro yana karantawa minti ɗaya, mai auna yana ja wa kowace kalmar da aka kuskure layi, a ƙarshe a ƙirga kalmomin da suka fito daidai. Idan yaro ya kasa kalma ko ɗaya a layin farko, sai a tsayar da shi cikin lallami a rubuta sifili. Wata abokiyar aikina ce ta yi awon, domin malamar aji tana son yaranta, kuma so yakan sa kunne ya ji daidai inda aka yi kusa da daidai. Kowane yaro yana cin kamar minti uku, don haka aikin ya ɗauke mu kwana huɗu. Shugaban makaranta ya sani, an sanar da iyaye, kuma lamba muka sa a takardun maimakon suna.

Sakamakon ya raba ajin gida uku. Yara 12 suna karanta fiye da kalma ashirin a minti. Yara 23 suna tsakanin kalma ɗaya da ashirin. Yara 19 sun sami sifili.

Tambayar zagaye na farko ƙarama ce da gangan. «Yaya zan gyara karatu?» ba tambaya ba ce da zango zai iya amsawa. Wadda na rubuta ita ce: idan yara suka maimaita karanta ɗan gajeren rubutu bibbiyu, minti goma sha biyar a rana, kwana huɗu a mako, har mako huɗu, shin kalmomin da suke karantawa daidai a minti za su ƙaru? Wannan dabara ta maimaita karatu tsohuwa ce, S. Jay Samuels ya yi bayaninta a 1979. Hikimarta ita ce, yaron da ke fama da kowace kalma ba ya da sauran hankalin da zai bi ma'ana da shi, maimaitawa kuwa tana sa kalmomin su zama sanannu ga ido. Na jera yaran daga mafi ƙarfi zuwa mafi rauni, na raba jerin biyu, na haɗa na farkon rabin sama da na farkon rabin ƙasa, haka har ƙarshe. Mai ƙarfi ya fara karantawa, abokinsa yana bi da yatsa, sai su yi musaya, sau uku. Ban sauya komai a sauran darussa ba, domin wanda ya sauya abu uku a lokaci guda ba zai san wanne ya yi aiki ba.

Lura tana tafiya tare da aiwatarwa. Na ajiye littafi na musamman, kullum bayan tashi in rubuta layi uku ko huɗu: ko an yi darasin, su wa ba su zo ba, da abin da idona ya gani. A cikin kwana goma sha shida da na tsara, goma sha uku aka samu. Wannan ƙidaya tana da amfani, domin ba a yanke wa dabara hukunci a kan kwanakin da ba a yi ta ba. A mako na biyu na rubuta wani abu da ya zama mabuɗin komai: wasu yaran suna faɗin kalmomin daidai, amma yatsansu yana kan wani layi dabam.

Bayan mako huɗu muka sake awo da sabon labari, mai tsawo da nauyi irin na farko. Da tsohon muka maimaita, da hadda muka auna. Jimillar ajin ta tashi, kuma da a nan na tsaya, da rahoto mai daɗi zan rubuta. Amma da na duba gida-gida sai hoton ya bambanta. A rukunin tsakiya, yaron da ke tsakiyar jeri ya tashi daga kalma 11 zuwa 19. Na sama sun ɗan ƙara. A cikin 19 masu sifili kuwa, 16 suna nan a sifili. Waiwayen ya zo da sauƙi da na haɗa wannan da abin da ke cikin littafina: maimaitawa tana ƙara wa mai tafiya sauri, amma waɗannan ba su fara tafiyar ba. Suna jin abokinsu sau biyu sai su haddace. Amsar tambayata ke nan: dabarar tana aiki, ga waɗanda suka riga suka iya haɗa baƙi da wasali.

Zagaye na biyu ya fara da sabuwar tambaya: a ina ainihin waɗannan 16 suke tsayawa? Ma'aunin kalma a minti ba zai nuna ba, tun da sifili ba ya bambanta wanda ya kusa da wanda ya yi nisa. Sai muka sauko ƙasa, muka gwada su da haruffa ɗai-ɗai, sannan da gaɓoɓi. Biyar ba su san fiye da 'yan haruffa ba, kuma rajista ta nuna huɗu daga cikinsu sun fi kowa fashi. Matsalarsu ta fi ƙarfin darasin minti goma, sai an zauna da iyaye. Sauran 11 sun san haruffa, amma da sunayensu na Turanci. Idan aka nuna musu «c» sai su ce «si», don haka kalmar «ci» ba ta da hanyar fitowa daga bakinsu. Harafin «k» a wurinsu «ke» ne, kuma ƙugiyar da ke kan ƙ da ɓ da ɗ ba ta ce musu komai. Waƙar haruffan Turanci da suka haddace ita ce ta tsaya tsakaninsu da rubutun harshensu.

Rubutun boko na Hausa yana da sauƙi a nan, domin harafi kusan kullum sauti ɗaya yake wakilta, kuma gaɓoɓi masu yawa baƙi ne da wasali. Na yanka kwali na yi katuna, na ware waɗannan 11 minti goma a rana yayin da sauran ke ci gaba da karatunsu na bibbiyu. Muna ɗaukar baƙi biyu a mako mu bi da su kan wasula biyar, daga baya muka ƙara yawansu da hannu ya faɗa. Daga rana ta farko muna haɗa gaɓa da gaɓa su ba da kalma: «ka» da «za», «ri» da «ga». Na riƙa cuɗa katunan, domin jerin ba, be, bi, bo, bu shi ma waƙa ce da ake haddacewa. Bayan mako biyar, tara daga cikinsu suna karanta kalmomi masu gaɓa biyu da ba su taɓa gani a kati ba.

Takardun awon sun sake nuna inda aka tsaya. Layukan kuskure sun taru a kan kalmomi irin su «harshe» da «karɓa» da «tsuntsu», inda gaɓa ke rufewa da baƙi. Yaran sukan cusa wasali su ce «harashe», domin duk abin da suka koya a katuna da wasali yake ƙarewa. Tambayar zango mai zuwa ke nan. A bayanta kuma akwai wata ga na sama: rubutunmu ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti, don haka «gari» na iya zama wurin zama ko na tuwo, «kuka» na iya zama itace ko hawaye. Yaron da ya furta wanda bai dace da jimlar ba ya nuna cewa yana gudu ne ba tare da ma'ana ba, kuma agogo ba ya kama wannan. Sai an yi masa tambaya a kan abin da ya karanta.

Ya kamata a san iyakar abin da irin wannan bincike ke iya tabbatarwa. Yara suna ƙaruwa cikin mako huɗu ko da ba a yi musu wani sabon abu ba, kuma ba ni da wani aji da na bari don kwatance. Labari na biyu yana iya fin na farko sauƙi ba tare da an lura ba. Shi ya sa ya fi kyau a rubuta labaran duka a rana ɗaya, a ƙirga dogayen kalmomin kowanne. Fashin lokacin girbi kaɗai yana iya sauya alƙaluma. Malamar da ke son ƙarin tabbaci tana iya fara dabarar da rabin rukuni, rabi na biyu ya biyo bayan mako uku, ta ga ko tashin kowanne ya zo daidai da lokacin da ya fara. Ko da hakan, abin da ta gano na ajinta ne, a wannan shekarar. Ba hujja ba ce a kan makarantun jiha. Amma hukuncin da ke gabanta ma na ajinta ne: wa zai zauna da wa, kuma me za a yi da minti goma na safiyar Litinin. Ga wannan, takarda mai layukan kuskure da littafin lura sun ishe ta.