Fuskar da ƙofar zaure ta haɗiye

Daga Wurno zuwa Rabah har Goronyo, da wuya ka sami gidan da ba shi da ɗa ko ƙane a Legas ko Fatakwal ko Abuja, wani ya tafi cin rani, wani kuma rashin tsaro ne ya kore shi daga gona. Tunda hanya ta zama abar fargaba, kiran bidiyo ya maye gurbin ziyara. Wanda ke nesa yana son ya duba fuskar mahaifinsa da kyau, ya gane ko ya rame, ko idonsa ya faɗa, domin dattijon ƙasarmu ko yana kwance cewa zai yi lafiya lau. Idan fuskar ta fito baƙi ƙirin, ko ta cika da tsaki-tsaki kamar an watsa mata yashi, kiran bai biya bukata ba. Kullum kuma laifin a kan sabis ake ɗora shi, alhali sau da yawa ba ruwan sabis.

Baffana a Goronyo yana da wurin zama guda a zaurensa, kan buzu, da ƙofar waje a bayansa. Ɗansa da ke dako a Legas ya yi makonni yana kira yana ganin inuwar mutum mai rawani, babu ido babu baki. Har ya fara zargin ana ɓoye masa ciwon tsohon, ya soma neman bashin kuɗin mota. Da na je, na karɓi wayar na duba: ƙofar ta fito fes, har ana ganin akuyar da ke wucewa a waje, Baffa kuwa duhu.

Dalilin yana cikin yadda kyamara ke auna haske. Ba ta san wanda ake son gani ba. Tana duban abin da ke gabanta, ta daidaita kanta yadda hoton gaba ɗaya zai fito tsaka-tsaki tsakanin fari da baƙi. Hasken rana tsaka a fili yana kaiwa kusan luks 100,000 a ma'aunin masana, cikin zauren ƙasa marar taga kuwa yana iya zama luks 100 ko ƙasa da haka. Wato abin da ke bayan Baffa ya ninka abin da ke kan fuskarsa sau ɗaruruwa. Idon mutum yana iya jure wannan tazara, ƙaramar kyamarar gaban waya ba ta iyawa. Dole ta zaɓi ɗaya, sai ta rage haske don kada ƙofar ta ƙone da fari, fuskar ta tafi da ragin. Farin rawani da farar babbar riga suna ƙara mata wannan ruɗu, domin su ma ce mata suke yi haske ya yi yawa. Baƙar fata kuma kaɗan take mayarwa daga hasken da ya sauka a kanta, shi ya sa abin ya fi cin mu. Ba banza ba kamfanin da ke ƙera Tecno da Itel ya yi suna a Afirka da gyara kyamarorinsa don fatarmu, amma ko su ba sa iya ƙirƙiro hasken da babu shi.

Na ce, "Baffa, don Allah a juya buzun nan a fuskanci ƙofa." Ya ce, "Yaro, shekara nawa ina zaune hakan ga, yau waya za ta tashe ni?" Ya dai juya. Yanzu hasken ƙofa a fuskarsa yake sauka, bango mai duhu yana bayansa. Na matso da wayar har fuskar ta cika rabin allo, na ɗaga ta daidai idonsa don kada rufin ɗaki ko sararin sama su shigo. Cikin daƙiƙa biyu kyamarar ta sake awo da kanta, furfurar gemunsa ta bayyana ɗaya-ɗaya. Ba a sayi komai ba, kuma ɗan nasa ya fasa cin bashin.

Wani zai ce ai ana iya taɓa fuska a allo a ja alamar rana sama. Gaskiya ne a manhajar ɗaukar hoto ta waya, amma wannan gyara ba ya bin mutum zuwa cikin kiran WhatsApp, inda kyamara ke yanke hukunci ita kaɗai. Hanyar juya ta ita ce a canza abin da take gani. Inuwar bishiya ko bakin rumfa, mutum yana fuskantar fili, ya fi tsakiyar rana, wadda ke zuba duhu a ramin ido da ƙarƙashin hula.

Tsaki-tsakin dare kuwa wani ciwo ne daban, kuma shi ya fi yawa, tunda sai bayan isha'i masu cin rani ke samun sukuni. Mai ɗaukar hoto yana iya barin kyamara ta daɗe tana shan haske. Bidiyo ba shi da wannan dama, domin hotuna ne kusan 30 a kowace daƙiƙa, kowanne ba zai wuce kashi ɗaya cikin 30 na daƙiƙa yana shan haske ba. Ƙofar gilashin wayar kuma ba ta ƙara buɗewa. Abin da ya rage wa wayar shi ne ta ƙara ƙarfin ɗan abin da ta samu, wanda ake rubutawa ISO. Wanda ya taɓa ƙure muryar rediyo don kamo tasha mai nisa ya san sakamakon: magana ta ƙaru, shuu ɗin ma ya ƙaru. Wannan shuu ɗin ne yake fitowa a hoto kamar yashi mai motsi. Idan duhun ya tsananta, wayar takan rage yawan hotunan, sai hannu ya riƙa barin jela idan an motsa shi.

Maganinsa kusanci da fitila, kuma lissafin yana da daɗi. Fitilar sola da ke rataye mita 2 daga fuska, idan aka dawo da ita mita 1, hasken da ke sauka a fuskar ya ninka sau 4. A rabin mita ya ninka sau 16. Saboda haka ƙaramar fitila a kusa ta fi babban ƙwai a can saman ɗaki. A ajiye ta bayan wayar, sama kaɗan da ido, a ɗan karkace gefe. Tocilar da aka haska daga ƙasan haɓa tana mayar da mai lafiya kamar majinyaci. Idan fitilar tana kashe wa tsoho ido, a haska ta a farin bango ko farin ƙyalle da ke gabansa, hasken ya dawo masa da laushi. In akwai yaro kusa, ya riƙe wayar a juya zuwa kyamarar baya, wadda a yawancin wayoyi ta fi ta gaba girma da kama haske.

Akwai inda laifin na sabis ne da gaske, kuma ana iya bambancewa. A dubi ɗan ƙaramin hoton kai da ke kusurwar allo, domin shi bai bi ta iska ba. Idan ya fito tsaf amma na can yana kukan hoto yana farfashewa murabba'i-murabba'i, yana tsayawa, murya tana yankewa, sabis ne ko data. A nan sai a nemi wuri mai sabis, a kuma duba ko an kunna "Use less data for calls" a ƙarƙashin "Storage and data". Idan kuwa ɗan hoton ma duhu ne ko yashi, komai ƙarfin sabis haka za a aika shi. Su biyun ma suna haɗuwa, domin yashin nan da ke canzawa a kowane hoto yana cinye datar da ya kamata ta tafi wajen fito da fuskar, sai hoton duhu ya fi saurin lalacewa a raunannen sabis.

A lokacin hunturu kuma, idan hoto ya yi fari-fari kamar hazo ya shiga ɗaki, fitila tana fitar da dogayen zare, a goge gilashin kyamarar da gefen riga mai laushi kafin a zargi kowa. Ƙurar Disamba da maiƙon yatsa ne suka kwanta a kai.