Kuɗin da ke da rana ba ya shiga kasuwa

Duk kaka, da an fara shigo da sabon wake kasuwa, hirar malamai a ƙarƙashin bedin makaranta takan koma ta buhu. Wannan zai sayi biyar, wancan goma, a ajiye sai bazara. Ni ma ina yi, kuma ban ga laifinsa ba. Abin da nake tambayar abokin aiki shi ne da wane kuɗi zai saya.

A ce malami ya sayi buhu 10 a Nuwamba, kowane jikka 20, yana sa ran jikka 28 a Yuni. Ya ƙara jikka 15 na dako da buhunan nan masu riɓi uku da ke hana ƙwari. Lissafin ya yi kyau: jikka 65 riba. To amma a Janairu uwargida ta kwanta asibiti, ana neman jikka 80 yau. A lokacin kasuwa cike take da wake, kuma ɗan kasuwa yana gane mai gaggawa tun daga tafiyarsa. Zai taya 18. Malam ya saki buhu 5 a jikka 90, abin da ya ci masa 107 da rabi. Hasashensa daidai ne, waken zai tashi a Yuni. Shi ne bai da halin jiran Yuni.

Wani lokaci ma Yunin ba ya zuwa da abin da ake jira. Mu mutanen Maradi mun ga yadda Najeriya ta rufe iyaka a Agustan 2019, ba ta buɗe ba sai Disamban 2020, mun kuma sake gani a 2023. Mai kaya a ɗaki ba shi ke riƙe da makullin Jibiya ba.

Shi ya sa nake ware kuɗin ko-ta-kwana kafin in sayi ko tiya ɗaya. Ba da albashi nake auna shi ba, da abin da gida ba zai kwana babu shi ba nake aunawa. A ce haya jikka 25, cefane da hatsi 50, ruwa da wuta 10, mai na babur da magani 15. Jikka 100 ke nan a wata. Wata uku nake nema, wato 300. Ɗan kwantiragi, wanda ya san kuɗinsa kan yi jinkiri, ya fi ni bukatar wannan, ko da yake shi ne tarawar ta fi yi wa wuya. A jikka 10 duk wata, shekara biyu da rabi za a yi. Abin yana karya gwiwa, don haka nakan ce a fara da burin wata ɗaya. A cire ranar da albashi ya faɗo. Wanda ya ce sai ragowar ƙarshen wata, ban taɓa ganin ya tara ba.

Wurin ajiya ma abin dubawa ne. Bayan takunkumin 2023 mutane sun yi layi a bankuna, kuɗinsu na ciki amma ana ba su kaɗan-kaɗan. Tun daga nan nake barin na wata ɗaya a hannu, inda ni da maiɗakina kaɗai muka sani, sauran a asusun banki dabam da na albashi. Kuma a sefa, tunda da sefa ake biyan haya da likita. Wanda ya ajiye nasa a naira don yana sayayya a Katsina ya ga yadda ta zube daga 2023.

Adashi ba ya cikin wannan lissafi, duk amfaninsa. Ciwo bai san kwasarka sai wata na bakwai ba. Haka ragon da ake turkewa don Layya: jari ne, yana ci, yana iya mutuwa, kuma nesa da sallah ba ya kai kuɗinsa.

Bayan ko-ta-kwana akwai kuɗin da tun farko suna da ranarsu. Na komawa makaranta a Oktoba, da littattafai da kayan yara. Na haya idan ana biyan wata uku tare. Na iri da taki kafin ruwan farko. Duk kuɗin da za a nema a rana sananniya cikin shekarar nan, ba na juya shi, domin kasuwa ba ta yi mani alkawarin wannan rana ba.

Wanda ya fi tayar mani da hankali shi ne kuɗin amana. Ma'ajin ƙungiyar iyayen yara, ko mai riƙon gadon marayu, sai ya ga kuɗi kwance wata shida, ya ce bari ya ɗan juya su ya mayar. In an ci riba, ba tasa ba ce. In an faɗi, sunansa ne zai tafi, kuma malami a ƙauye da sunansa yake shiga aji. Bashin banki a kan albashi ma kusan haka yake: za a yanke duk wata, ko wake ya tashi ko bai tashi ba.

Abin da ya rage bayan wannan duka, shi nake kai wa kasuwa. Bana buhu uku ya saya mani.