Tallar gidan Rijiyar Zaki a bakin mutanen Adjamé

Duk ɗan kasuwar da ya kwana biyu a Abidjan akwai gida a ransa, ko a Kano ko a Maraɗi. Shi ya sa dillalan can ba sa barin wayoyinmu su huta. Matsalar ita ce tallar da suke turowa an rubuta ta ne don mutumin da zai hau babur ya je ya gani da idonsa. Mu kuwa da ke Adjamé da Treichville sai abin da rubutu ya gaya mana, kuma kanmu ya saba da awo da kuɗi da takardun wata ƙasa.

Kwanaki wani dillali ya turo talla, maƙwabcina a kasuwa ya ce in mayar masa da ita Hausa. Ga yadda take a waya: "3 bedroom, Rijiyar Zaki, 50x50, 25m, C of O in process". Layi ɗaya ne, amma sai da na kira dillalin sau uku kafin in rubuta komai.

Ɗakunan ba su ba ni wahala ba. A nan Abidjan idan an ce gida mai ɗaki uku, har da falo aka ƙirga, wato ciki biyu ke nan da falo. A Kano cikin kwana kawai ake ƙirgawa. Sai na rubuta ciki uku da falo.

Awon ne ya fi ruɗarwa. Maƙwabcina na jin hamsin da hamsin ya ce, "Alhaji, ai wannan har gona sai in yi a ciki." Mita yake lissafi, alhali ƙafa ake nufi. Ƙafa 50 mita 15 ce da ɗan ɗoriya, don haka filin duka bai wuce murabba'in mita 232 ba. Shi kuwa a kansa 2,500 yake gani, fiye da ninki goma. Rabin fuloti ne ma, domin cikakken fuloti a can ƙafa 50 ne da ƙafa 100. Idan aka zuba ciki uku da falo a rabin fuloti, tsakar gidan da ta rage da ƙyar za ta ɗauki igiyar shanya da mota ɗaya. Na rubuta wannan ma, domin uwargida za ta tambaya.

Kuɗi kuma, "miliyan 25" kawai ba magana ba ce a wurin mai cinikin sefa. Na sa kalmar naira a fili. Ban juya shi zuwa sefa ba sai da kwanan wata a gefe, domin sefa a ɗaure take da yuro, naira kuwa tun da aka sake ta a watan Yunin 2023 canjin safe ba lalle ya kai yamma ba.

Sai takarda, inda dukiyar mutum ke nutsewa. Bahaushe kalma ɗaya yake da ita, "da takarda", kuma tana rufe abubuwa da yawa. Takardar ciniki da mai unguwa ya sa wa hannu takarda ce, shaidar mallaka ta gwamnati ma takarda ce. Mutanenmu na nan sun san bambancin takardar da sarakunan ƙauyen Ebrié ke bayarwa da ACD ta ma'aikatar gine-gine, kuma sun ga waɗanda suka yi kuka a kan fili ɗaya mai masu shi uku. Da wannan nake kwatanta musu. A Najeriya dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasar jiha a hannun gwamna, shi ke ba da C of O, yawanci na shekara 99, kuma sayar da gida mai ita sai da amincewarsa. Filin awon igiya, wanda mai gona ya yayyanka da kansa, ba ya zuwa da ita.

To "in process" fa? Mai son ciniki ya faɗa zai rubuta "takarda na kan hanya". Ni na rubuta "babu C of O tukuna". Na nemi lambar fayil don wani ɗan'uwa ya je KANGIS, hukumar filaye ta Kano, ya duba ko akwai shi kuma sunan wa yake ɗauke da shi. Dillalin ya ce zai nemo. A kira na uku ne ya ambata cewa gidan na gado ne, abin da babu shi a tallar sam.

Ga abin da na miƙa wa maƙwabcina: "Gida a Rijiyar Zaki, Kano. Ciki uku da falo, a rabin fuloti, mita 15 da 15, tsakar gida ƙarama. Naira miliyan 25, ba a faɗi wa zai biya la'ada ba. Takardar ciniki ce kawai a hannu, babu C of O tukuna, ba a kawo lambar fayil ba. Gidan gado ne, a nemi sa hannun dukkan magada ko takardar rabon gado ta kotu kafin a tura ko sisi."

Dillalin da ya gani ya ce na kashe masa kasuwa. Maƙwabcina dai ya tura wa ƙanensa a Kano, ya ce ya fara da magadan.