Daga Bakin Baduku Zuwa Idon Bafaranshe

A Kasuwar Kurmi ta Kano ko a rumfunan dukawan Damagaram, bayanin jakar fata bai wuce kalma goma sha ɗaya ba: "Hajiya, fata ce zalla, aikin hannu, sai kin gaji da ita." Wannan ya wadatar, domin hannun mai saye da hancinta su ne ke ƙarasa zancen. Za ta murza fatar, ta shinshina, ta ja ɗinkin, sannan a shiga ciniki. A nan Faransa kuwa, mai saye ta intanet ba shi da komai sai hoto da rubutu, kuma rubutun alkawari ne da doka ke kama mai sayarwa da shi. Saboda haka mai fassara da ya juya kirarin kasuwa kalma da kalma ya cuci baduku. Aikin mai fassara shi ne ya rubuta abin da hannu da hanci za su gano.

Mu ɗauki jakar mata ta jar fata. Dokar Faransa ta 1994 ta wajabta bayanin kaya da Faransanci, wata kuma ta 2010 ta keɓe kalmar "cuir" ga fatar dabba ta ainihi. Don haka sai a faɗi dabbar, a rubuta "cuir de chèvre", a ƙara da cewa jar akuyar Sakkwato ce ko ta Maraɗi. Idan da bagaruwa majema suka jeme ta, a rubuta "tannage végétal", domin masu saye a nan suna neman fatar da ba a jeme da sinadarin kuromiyam ba. Sai tsawo da faɗi da zurfi da santimita, tsawon maratayi, da irin shafin ciki.

Abin da ya fi wuya shi ne faɗin aibi. Jimar gargajiya tana da wari a farko, jan karan dafi yana iya zuba a farar riga in ya jiƙe, kuma jaka biyu ba sa zuwa daidai. A gida ba a faɗa, tunda kowa ya sani. A nan mai saye daga nesa yana da kwana 14 da zai mayar da kaya ba tare da ba da dalili ba, kuma abin da aka ɓoye masa shi ke sa ya mayar.

Wani zai ce wannan ya busar da zance, ya mai da sana'ar kaka da kakanni lissafin santimita. Damuwar tana da tushe, amma yabon "mai kyau, mai ƙarko" kowace masana'anta tana rubuta shi. Sunan akuya da bagaruwa da garin da aka ɗinka jakar kuwa, baduku kaɗai ke da su. Mai fassara ya fara zama da baduku ya tambaye shi waɗannan, kafin ya rubuta ko da kalma ɗaya ta Faransanci.