Barkwanci a Katin Ban-Kwana: Wa Za a Tsokana?

A nan Sabo, Ibadan, idan ɗan ƙungiya zai koma gida, mukan buga masa kati kowa ya sa hannu. To, da an zo rubutu, sai wani ya ce a ɗan saka abin dariya, kuma abin da ke fara zuwa bakin mutane shi ne wasan barkwanci: Bakano da Bazazzagi, Bafulatani da Babarbare, Bagobiri da Bayarabe.

Wannan wasa na baki ne. Ka ce wa mutum "bawana", yana ganin fuskarka, nan take ya rama, a yi dariya a tashi. A takarda kuwa ba fuska, ba ramuwa. Katin zai shiga gida, uwargida ta karanta, yaran da aka haifa a nan su karanta, kuma da yawansu ba su san akwai wasa tsakanin Kano da Zariya ba. Kalmar "bawa" kawai za su gani a kan mahaifinsu, ga hannun mutum talatin a ƙasa. Shi ya sa muke barin irin wannan sai wurin walima.

A kati, mu da aka bari muke tsokanar kanmu. Ga misali. Ma'ajinmu, Bazazzagi, ya yi ritaya zai koma Zariya, kuma kowa ya san shi da bin kuɗin wata. Layi biyu aka kawo. Na farko: "Alhaji, a bar mana asusun kafin a hau mota." An yi dariya, amma muka ajiye shi, domin wanda bai san Alhaji ba zai ɗauka akwai zargi, kuma maganar kuɗi ba ta goguwa. Na biyu: "Alhaji, masu bashin wata uku sun ce a gaishe ka, yau za su yi barci." Wannan muka ɗauka. Dariyar a kanmu take, mu masu jan ƙafa wajen biya, shi kuwa riƙon amanarsa aka yaba.

Layi ɗaya ya isa, kuma a tsakiya yake zama, bayan godiya, kafin addu'a. Ba ma haɗa shi da addu'ar a jimla ɗaya. Kafin a kai wa mai bugawa, muna karanta wa mutum uku a bayyane: dattijo ɗaya, mace ɗaya daga ɓangaren mata, da matashin da ya tashi a nan. Idan wani ya ce "me ake nufi?", mun cire, ko da sauran sun yi dariya.

Sannan mukan duba dalilin tafiyar. Ritaya, canjin wurin aiki ko aure duk suna ɗaukar raha. Wanda kuwa rashin lafiya ko karyewar jari ta mayar da shi gida, katinsa godiya ce da addu'a kawai, sai ambulan da muke haɗa masa.